Aikin Mako Biyu: Yadda Masu Rubuta Manhaja Ke Auna Ƙarfinsu Kafin Su Ɗauki Kaya

Mutum huɗu, kwana goma na aiki, awa takwas kowace rana. Duk wanda ya yi firamare zai ce awa 320 ke nan. Da wannan lissafi ne masu ƙananan kamfanonin manhaja da yawa ke yi wa kwastoma alkawari, kuma da shi suke jin kunya idan ranar ta zo. Lissafin ba shi da kuskure a kan takarda. Matsalar ita ce babu wata tawaga ta mutum huɗu da ke samun awa 320 na ainihin aiki a cikin mako biyu, kuma sau da yawa abin da ke hannunta bai kai rabin haka ba.

Akwai tsarin aiki da ake kira Sikiram, wanda masu rubuta manhaja ke bi a ƙasashe da dama. Ken Schwaber da Jeff Sutherland ne suka gabatar da shi a wani taron masana a birnin Austin na jihar Texas a 1995, daga baya suka fitar da ɗan littafin jagorarsa a 2010, suka yi ta sabunta shi har zuwa bugun Nuwambar 2020. Tsarin bai da wuyar faɗa. Ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, kuma ƙananan tawagogi da yawa mako biyu suke zaɓa. Masu sana'ar suna kiran zangon sifirin. Duk abin da ake so manhajar ta yi ana rubuta shi a jeri guda, mafi muhimmanci a sama, shi ne bakalog. Mutum ɗaya ne ke da alhakin jera shi, mu kira shi mai kaya, domin shi ke magana da yawun kwastoma. Sai masu gina manhajar, sai kuma mai kula da tsari, wanda aikinsa shi ne ya ga an bi ƙa'ida kuma an kawar wa tawagar da cikas. Duka-duka yawanci ba sa wuce mutum goma.

A farkon kowane zango tawagar takan zauna ta tsara shi. Jagorar ta ce idan zangon na wata guda ne, zaman kada ya wuce awa takwas, don haka masu zangon mako biyu sukan tsaya a wajen awa huɗu ko ƙasa. Tambayoyi uku ake amsawa a zaman: mene ne amfanin wannan zangon, me za a iya gamawa a cikinsa, kuma ta yaya za a yi. Ta tsakiyar ce ke jawo gardama, ita ce kuma za mu bi a nan.

Mu ɗauki misalin wata tawaga da ke gina manhajar waya ta masu kantin magani, wadda ke riƙe musu lissafin kaya da ciniki. Masu ginin su huɗu ne. Akwai mai kula da sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai can nesa. Akwai wata mai rubuta ɓangaren da ake gani a waya. Akwai wani matashi da bai daɗe da fara aiki ba, sai kuma mai gwaji, wadda ke bin duk abin da aka rubuta tana neman inda zai karye. Zangon nasu mako biyu ne, Litinin zuwa Juma'a.

Kafin a taɓa bakalog, mai kula da tsari ya fara buɗe kalanda. Ranar 1 ga Oktoba ta faɗo cikin zangon, ranar hutu ce a Najeriya, saboda haka kwana goma ya koma tara ga kowa. Mai ɓangaren waya ta riga ta nemi kwana uku saboda bikin ƙanwarta. Sannan tarurrukan tsarin kansu suna cin lokaci: wannan zaman na yau awa huɗu, zaman nuna wa kwastoma abin da aka yi a ƙarshe kamar awa biyu, zaman bitar yadda aiki ya gudana awa ɗaya da rabi. An haɗa su, kwana guda ya tafi daga kowa. Yanzu mutum uku suna da kwana takwas-takwas, ita kuma tana da biyar. Jimilla kwana 29, ba 40 ba.

Su ma kwanakin ba cikakku ba ne. A cikin awa takwas akwai tsayuwar minti goma sha biyar da ake yi kowace safiya don kowa ya san inda aka kwana, akwai amsa saƙonni, duba aikin abokin aiki, salla da cin abinci, ga kuma ranar da wuta ko intanet za su yi halinsu. Wannan tawagar ta saba ƙirga awa shida a rana, kuma gaskiya ko shidan ma kyautata zato ne. Mai sabar yana da awa 48, amma shi ne ke amsa kiran masu kanti idan wani abu ya tsaya, wanda a zangunan baya yake cinye masa kamar awa 12, saboda haka aka rubuta masa 36. Mai ɓangaren waya tana da 30. Sabon matashin yana da 48 a kalanda, amma yana koyo ne, yana tambaya, yana yi ana warwarewa, sai aka ƙirga masa rabi, 24. Ba raini ba ne, shi ma ya san haka ne. Mai gwaji tana da 48 ɗinta. An tara duka, awa 138. Daga 320.

Wannan lissafin bai ɗauki minti goma sha biyar ba, amma shi ne ginshiƙin zaman. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu Salla ya san abin da ke faruwa idan an tsallake shi. Tela bai ƙi aiki ba, kuma ba ƙarya ya yi niyyar yi ba. Ya karɓi kaya ne yana duban buƙatar masu kawowa, bai duba yawan dinkin da kekensa ke fitarwa a rana ba. Ranar jajiberi sai ka tarar da riguna ashirin, kowace an yanka, babu wadda aka gama.

Bayan awoyi sai tawagar ta dubi tarihinta. Kowane aiki a bakalog ɗinsu yana ɗauke da maki, lambar da ke nuna girmansa idan an kwatanta shi da sauran: 1, 2, 3, 5, 8, 13. Makin ba awa ba ne. Abin da yake cewa kawai shi ne aikin maki 5 ya fi na maki 3 nauyi da rikitarwa. Ana barin tazara mai faɗi tsakanin manyan lambobin da gangan, domin idan aiki ya girma babu mai iya bambance 11 da 12, kuma musu a kai ɓata lokaci ne. Yana da kyau a sani cewa jagorar Sikiram ba ta ambaci maki ba ko sau ɗaya. Al'ada ce da aka aro daga wani tsarin daban, ta kuma bazu har mutane suka ɗauka farilla ce. Akwai tawagogin da ke ƙirga yawan ayyuka kawai, kuma suna zaune lafiya.

A zanguna uku da suka wuce, wannan tawagar ta gama maki 24, da 18, da 21. Matsakaicinsu 21. Amma waɗancan zangunan kowa yana nan, kwana 36 ake da su bayan an cire tarurruka, yanzu kuwa 29 ne, wato kusan kashi huɗu cikin biyar. Kashi huɗu cikin biyar na 21 bai cika 17 ba. Suka tsaya a 16. A lura da kalmar gamawa a nan. Tawagar tana da rubutacciyar ƙa'ida ta abin da ake kira an gama: an rubuta, wani ya duba, an gwada, an ɗora inda kwastoma zai iya taɓawa. Aikin da ya saura kaɗan a gama, makinsa sifiri ne a wannan ƙidayar.

Yanzu mai kaya ya karɓi magana. Ya ce masu kanti uku sun yi masa ƙorafi iri ɗaya: magani yana lalacewa a kan shelf ba su sani ba sai wa'adinsa ya wuce, asara ke nan, wani lokacin har da haɗarin sayar wa mutum. Aka amince burin zangon shi ne mai kanti ya san maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa kafin ya ƙare. Jimla ɗaya ce, aka rubuta ta a saman allo. Amfaninta zai fito nan gaba kaɗan.

A saman bakalog akwai ayyuka biyar. Na farko, a ba mai kanti damar shigar da ranar ƙarewar wa'adi lokacin da yake karɓar kaya, maki 5. Na biyu, shafin da ke jera magungunan da za su ƙare cikin kwana 90, maki 3. Na uku gyaran kuskure ne: idan an yi wa mai saye ragi, risiti yana fitar da jimilla ba daidai ba, maki 3. Wannan bai shafi burin zangon ba, amma kuɗin mutane ne, ba ya jira. Na huɗu, saƙon gargaɗi da zai riƙa faɗowa a wayar mai kanti ko da bai buɗe manhajar ba, maki 5. Na biyar kuwa shi ne babban abin da mai kaya ya daɗe yana mafarki, manhajar ta yi aiki ko babu intanet, maki 13.

Huɗun farko, idan an haɗa, maki 16 cif. Kamar an auna. Mai kaya har ya fara tattara takardunsa, kuma a nan ne tawagogi da yawa ke tashi daga zaman, a nan ne kuma suke shuka matsalar da za su girba a rana ta tara.

Abin da maki ba ya nunawa shi ne wa zai yi aikin. Maki yana ɗaukan tawagar kamar buhu ɗaya, alhali awa 48 na mai gwaji ba za su rubuta shafin waya ba. Don haka suka ɗauki ayyukan ɗaya bayan ɗaya suna farfasa su ƙanana, kowane guntu bai wuce aikin yini ɗaya ba, suna rubuta awoyin da ɓangaren da zai ci. Ɓangaren waya: awa 14 a aiki na farko, 8 a na biyu, 4 a na uku, 16 a na huɗu. Jimilla 42, ga mai awa 30. Sabon matashin ya ce zai ɗauki shafin jerin magunguna, tunda ya taɓa yin irinsa, awa 8 suka fita daga kanta. Saura 34, har yanzu ya zarce. A ɓangaren sabar kuma an samu awa 38, ga mai 36, kuma wannan idan masu kanti ba su kira fiye da yadda suka saba ba.

Ta dubi mai kaya ta ce, “Yallaɓai, na huɗun nan ba zai shiga ba. Idan muka ɗauke shi, ranar nuni za ka ga abu huɗu, babu wanda za ka iya ba mai kanti.”

Ya ce, “To ai gargaɗin shi ne gaba ɗaya maganar. In babu shi me muka yi?”

Yana da gaskiya, ita ma tana da ita. A nan burin da aka rubuta a allo ya yi aikinsa. Burin bai ce saƙo ya faɗo a waya ba, cewa ya yi mai kanti ya sani. Mai gwaji ta tunatar da su cewa mai kanti yana buɗe manhajar kowace safiya kafin ya sayar da komai. Idan haka ne, jan layi a saman shafin farko mai cewa magunguna kaza sun kusa ƙarewa zai isar da saƙon. Aka raba aiki na huɗu gida biyu. Jan layin ya zama maki 2, awa 6 a waya da awa 2 a sabar. Saƙon da ke faɗowa da kansa, wanda ke buƙatar haɗa manhajar da wata hidimar tura saƙonni da neman izinin mai waya, ya koma bakalog ya jira zango na gaba.

Sabon lissafi ya nuna mai ɓangaren waya tana da awa 24 cikin 30, mai sabar 26 cikin 36, makin zangon ya zama 13. Ƙasa da 16 ɗin da suka ce suna iyawa. Mai kaya ya ga sarari, ya so a cusa wani abu, har ya sake nuna na biyar. Na biyar ba ya shiga ko an matsa, domin shi kaɗai ya kai duk abin da aka ɗauka, kuma babu wanda ya san yadda za a warware rikicin da zai taso idan wayoyi biyu a kanti ɗaya suka sayar da kwalba ta ƙarshe babu intanet. Abin da aka amince shi ne mai sabar ya ware yini ɗaya, awa 6, ya binciki wannan tambayar ya kawo bayani, don a iya farfasa aikin nan gaba. Sauran awoyin aka bar su haka nan.

A ganina barin wannan sararin shi ne hukunci mafi kyau da aka yanke a zaman, kuma shi ne mafi wuyar karɓa ga mai biyan albashi. Yana ganin awoyin da ba a rubuta wa komai ba kamar kuɗi ne ke zuba. Amma ƙiyasin aikin manhaja ya fi yawan kuskurewa ta gefe ɗaya: abin da aka ce awa 14 ya fi saurin zama 20 fiye da ya zama 8, domin abin da ba a hango ba kullum ƙari yake yi. Zangon da aka cika fal, kuskure ɗaya ya isa ya rushe shi. Idan kuwa aka yi sa'a aka gama da wuri, bakalog yana nan, a jawo na gaba. Ƙara aiki a rana ta bakwai abu ne mai sauƙi, cire shi kuwa sai an yi bayani da ban haƙuri.

Sauran abu ɗaya da suka tsara kafin su tashi shi ne jerin gwano. Mai gwaji tana da awoyi da yawa, amma idan duk ayyukan suka iso gare ta a kwana biyun ƙarshe, awa 12 kawai ke gare ta a zahiri. Saboda haka aka amince mai sabar da mai ɓangaren waya su haɗu a kan aiki na farko su gama shi kafin ta tafi biki, ya isa wurin gwaji a rana ta huɗu, maimakon kowa ya buɗe nasa daban. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai gwajin kuma za ta yi amfani da kwanakin farko ta rubuta matakan gwaji tare da sabon matashin.

Wa ya yanke yawan abin da aka ɗauka? Masu ginin ne, kuma haka ƙa'idar take. Mai kaya ne ke da ikon cewa wannan ya fi wancan muhimmanci, amma yawan abin da zai shiga zango na masu yin aikin ne. Har ma a bugun jagorar na 2011 an daina kiran ayyukan da aka zaɓa alkawari, aka koma kiransu hasashe, saboda yadda shugabanni ke riƙe jerin suna tuhumar ma'aikata da shi. Abin da tawagar ke ɗaure kanta da shi shi ne burin zangon. Idan a tsakiya aka gano wani aiki ya fi yadda aka zata girma, sai a koma wurin mai kaya a sake daidaita abin da ke ciki, muddin burin bai taɓu ba.

Ana iya gane tawagar da tsarinta ya karkace ko daga nesa. Alama ta farko ita ce aiki ɗaya ya riƙa tsallakawa daga zango zuwa zango, kullum ana cewa saura kaɗan. Idan hakan ya faru sau biyu ko uku a jere, yawanci ba lalaci ba ne, ɗauka ce ta yi yawa, kuma maganinta a rage, ko da ran oga zai ɓaci. Alama ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ranar da shugaba ya fara yaba wa tawaga saboda makinta ya tashi, ko ya kwatanta ta da wata tawagar, daga ranar maki ya daina auna komai. Aikin da jiya ake ba maki 3 zai wayi gari yana 5, jadawali ya yi kyau, manhajar kuwa tana inda take. Makin kowace tawaga nata ne ita kaɗai, 21 ɗin wannan ba ya da alaƙa da 40 ɗin wata.

Akwai kuma zaman da ke cinye yini guda saboda an zo da ayyukan da ba wanda ya fahimta, sai a zauna ana tambayar mai kaya me yake nufi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tace ayyukan saman bakalog, da yi musu tambayoyi da ba su maki, aikin makon da ya gabata ne. Sai kuma abin da ya fi addabar ƙananan kamfanoni, inda mai kamfani ke shigowa ranar Laraba da sabon abu na gaggawa daga wani babban kwastoma. Wani lokacin gaggawar ta gaskiya ce. Amsar da ta dace ita ce a nuna masa allo a tambaye shi wanne za a cire, domin awa 138 ba su ƙaru don ya shigo ba.

Hanyar tana da iyakarta. Sabuwar tawaga ba ta da zanguna uku na baya da za ta duba, don haka farkonta cinta ne, gara ta ɗauki kaɗan ta jingina da awoyi har tarihi ya taru. A tawagar mutum uku ko huɗu kuma, zazzaɓin mutum ɗaya na kwana uku yana iya kwashe kaso mai tsoka na ƙarfinta, abin da ba ya girgiza tawagar mutum tara haka. Idan azumi ya zo kuma ana tashi da wuri, awa shidan nan sai a sake duba ta. Tawagar da yawancin aikinta amsa kiran gaggawa ne kuwa, wadda ba ta san abin da gobe zai kawo ba, tsarin zango bai dace da ita ba tun farko.

Idan kana da tawaga irin wannan, ko kai ne ke biyan wata ta gina maka manhaja, a zama na gaba ka nemi a nuna maka lambobi biyu kafin a fara zaɓen aiki: kwana nawa kowane mutum zai yi a bakin aiki a wannan zangon, da kuma abin da aka gama gaba ɗaya a zanguna ukun da suka wuce. Idan ba su da su, kada ka karɓi ranar da za su ba ka.